Na haɗa katin ɗaukar bidiyo da PS5, wasa ya yi nauyi: ta ina jinkirin yake shigowa?

Tambaya: Ina da PS5 da talabijin mai 4K, na sayi katin ɗaukar bidiyo na USB don in riƙa naɗar wasannina a laftof da OBS. Tun da na haɗa, sai in danna hannu ɗan wasa bai motsa ba sai daga baya, bidiyon da na naɗa kuma yana tsalle, muryata tana riga hoto. Katin ne ba shi da kyau, ko ni ne ban iya haɗawa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yanke wa katin hukunci tukuna, domin abin da ka kira jinkiri abubuwa uku ne daban, kowanne da inda yake fitowa. Nauyin hannu yana faruwa ne tsakanin na'urar wasa da allon da idonka yake kallo. Tsallen bidiyo yana faruwa tsakanin kati da kwamfuta. Murya ta riga hoto kuwa lissafin lokaci ne a cikin OBS. Wanda ya haɗa su wuri guda zai kwana yana juya saiti, ya gyara wanda ba shi ne ya lalace ba. Bari mu bi hoton tun daga inda ya fito.

Katin kirki yana da kafa uku: `HDMI IN`, `HDMI OUT`, da ta USB. Hoto yana shiga ta `HDMI IN`, a cikin katin ya rabu biyu. Reshe ɗaya yana zarcewa ta `HDMI OUT` zuwa talabijin ba tare da an ajiye shi ko an matse shi ba, shi ya sa abin da yake ƙarawa na lokaci bai kai yadda ɗan adam zai ji ba. Ɗaya reshen shi ne mai doguwar tafiya: katin ya tara hoton, ya canza masa tsari, ya tura ta USB, direban kwamfuta ya karɓa, OBS ta jera shi da sauran abubuwan da ka ɗora, sannan allon laftof ya nuna. Kowane mataki yana cin lokacinsa. A kati mai USB 3.0 jimlar takan kama daga milisakan 50 zuwa 100. A tsofaffin katunan USB 2.0 masu matse bidiyo a cikinsu, takan kai daƙiƙa guda har ta wuce.

Don ka gane girman wannan adadi, wasan da yake gudu a firem 60 cikin daƙiƙa yana canza hoto duk milisakan 16.7. Jinkirin milisakan 80 ke nan kusan firem biyar. A wasan tafiya da labari ba lallai ka damu ba, amma a wasan faɗa ko na ƙwallo, firem biyar sun isa a kai maka duka kafin ka ga hannun abokin karawarka ya ɗaga. Saboda haka doka ta farko ita ce ba a wasa da hoton da yake cikin OBS. Wannan hoton na dubawa ne kawai, ka tabbatar ana naɗa. Idonka a talabijin zai tsaya.

Haɗin kuwa haka yake: waya ta farko daga PS5 zuwa `HDMI IN`, waya ta biyu daga `HDMI OUT` zuwa talabijin, wayar USB daga kati zuwa laftof. Mutane da yawa suna juya kafofin biyu, domin kamarsu ɗaya kuma rubutun ƙanana ne. Wasu kuma suna ɗaukar HDMI daga laftof su kai talabijin, su buɗe hoton OBS ya cika allo, suna zaton sun yi daidai tunda ga wasa a talabijin. Wannan doguwar hanyar ce dai aka ƙara mata tsawo. Idan katinka ba shi da `HDMI OUT` sam, irin ƙananan nan masu kama da filas, to babu hanyar zarcewa a cikinsa, sai dai ka sa na'urar raba HDMI a gabansa, za mu zo kanta.

Kafin hoto ya fito ma akwai shinge ɗaya. PS5 tana kulle hotonta da wani tsaro na hana kwafi mai suna HDCP, kuma kati ba ya naɗar abin da aka kulle. Alamarsa baƙin allo a OBS, wani lokacin talabijin tana nunawa lafiya, wani lokacin ita ma tana ƙyafta ido. Haɗa PS5 da talabijin kai tsaye, ka kashe HDCP ɗin, sannan ka mayar da katin tsakani:

```
Settings > System > HDMI > Enable HDCP (Off)
```

Muddin yana kashe, manhajojin kallon finafinai na cikin PS5 ba za su buɗe ba, sai ka sake kunna shi. Xbox Series da Nintendo Switch ba sa kulle hoton wasa, don haka ba su da wannan matsala. Ka kuma sani cewa yawancin katunan USB daga kwamfuta suke samun wuta. Laftof ta mutu ko ta yi barci, talabijin ma sai ta yi baƙi, ba lalacewa ba ce.

Yanzu ga wurin da ya fi ruɗa mutane. Ka haɗa daidai, kana kallon talabijin, amma hannu yana nan da nauyi. Sai ka ce ai ga shi, zarcewar ma tana jinkiri. A mafi yawan lokuta talabijin ce take jinkirin, katin kuwa laifinsa shi ne ya hana ta sanin cewa na'urar wasa ce a bayansa.

Talabijin ta zamani tana yi wa hoto gyare-gyare kafin ta nuna shi: ta sassauta motsi, ta rage dusashewa, ta ƙara kaifi. Domin ta yi haka sai ta riƙe firem da dama ta kwatanta su. Ga mai kallon fim wannan ba komai, amma yana iya cin milisakan 80 zuwa sama da 100. Akwai yanayin da take barin duk wannan, wato `Game Mode`, inda talabijin mai kyau take sauka zuwa milisakan 10 zuwa 15. Lokacin da PS5 take haɗe da ita kai tsaye, tana aika mata wata 'yar sanarwa mai suna ALLM, wadda take sa ta shiga wannan yanayin da kanta. Wataƙila ba ka taɓa sanin hakan tana faruwa ba. Da ka sa kati a tsakani, idan ba ya wuce da wannan sanarwar, talabijin sai ta zauna a yanayin kallon fim. Haka ma idan wajen haɗawa ka canza kafa, daga HDMI 1 zuwa HDMI 3 misali, domin talabijin da yawa suna riƙe saitin hoto na kowace kafa daban. Maganin bai wuce minti ɗaya ba: kana kan kafar da katin yake, ka shiga saitin hoto ka kunna `Game Mode` da hannunka, kada ka bar shi a `Auto`.

Abu na biyu da katin yake canzawa shi ne abin da PS5 take zaton tana magana da shi. Duk allo yana da wani ɗan bayani a cikinsa mai suna EDID, inda yake faɗin girman hoton da zai iya karɓa, saurin firem, ko yana ɗaukar HDR, da irin sautin da yake ganewa. Na'urar wasa tana karanta wannan ta zaɓi abin da za ta aika. Da kati a tsakani, bayanin katin take karantawa, ko wani gauraye na kati da talabijin wanda yake tsayawa a iyakar mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu. Nan ne za ka ga a kwalin kati an rubuta adadi biyu, ɗaya na abin da yake iya wucewa da shi zuwa talabijin, ɗaya na abin da yake iya naɗa. Kati yana iya wuce 4K a firem 60 amma ya naɗi 1080p a firem 60 kawai, kuma wannan tsari ne mai kyau. Wanda ya tsaya a 1080p ta ɓangaren zarcewa kuwa zai sauko da talabijin ɗinka mai 4K zuwa 1080p, ko ka so ko ba ka so.

Wannan yana shafar nauyin hannu idan da ma a firem 120 kake wasa. HDMI 2.0 yana ɗaukar gigabit 18 cikin daƙiƙa, wanda ya isa 4K a firem 60, ko 1080p da 1440p a firem 120. 4K a firem 120 sai HDMI 2.1, mai kaiwa gigabit 48. Idan katinka na HDMI 2.0 ne, PS5 za ta daina ba ka 4K a 120. Ko ta sauka 1080p a 120 idan kati da talabijin sun yarda, ko ta tsaya a 60. Firem ɗaya a 120 milisakan 8.3 ne, a 60 kuma 16.7, kuma wanda hannunsa ya saba da na farko zai ji bambancin nan take, ya ɗora wa katin laifin da ba irin wanda yake zato ba. Kada ka yi hasashe, PS5 tana faɗa maka abin da take aikawa:

```
Settings > Screen and Video > Video Output > Video Output Information
```

Duba wannan shafi sau biyu, da farko babu kati sannan da kati, ka kwatanta girman hoto, saurin firem, HDR da VRR, wato tsarin da yake daidaita saurin allo da na wasa. Duk abin da ya ɓace a karo na biyu, katin ne ko wayar da ka ƙara ta cinye shi. Wayar ma abin dubawa ce, domin yanzu wayoyi biyu ne a hanya, kuma mai rauni a cikinsu ita take yanke hukunci. Wadda ta zo da PS5 tana ɗaukar HDMI 2.1, amma tsohuwar da ka zaro daga bayan wata na'ura ka sa a `HDMI OUT` ba lallai ba. Waya mai rauni ba ta kawo jinkiri. Abin da take kawowa shi ne allo ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo, ko ƙananan fararen ɗigo suna walƙiya a wurare masu duhu. A 4K da firem 60 ka nemi mai tambarin Premium High Speed, a 120 kuma Ultra High Speed, kuma gajeriya ta mita ɗaya ko biyu ta fi doguwa kwanciyar hankali. Wasu talabijin ma sai ka buɗe wa kafar cikakken ƙarfinta a saiti: Samsung tana kiransa `Input Signal Plus`, LG `HDMI Ultra HD Deep Colour`, Sony kuma `Enhanced format`.

Duk wannan ana iya auna shi da wayar hannu, kuma ya fi dogaro da yadda hannu yake ji, domin wanda ya riga ya zargi kati zai ji nauyi ko babu. Yawancin wayoyi suna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a firem 240 cikin daƙiƙa, kowane firem milisakan 4.2 ke nan. Jingina wayar yadda za ta ga babban yatsanka a kan hannun wasa da kuma allon talabijin a tare. Zaɓi abin da yake faruwa nan take, kamar harbi ko motsa zaɓi a jerin saiti. Danna sau goma, da ɗan tazara. Sannan ka bi bidiyon firem bayan firem, ka ƙirga daga inda maɓallin ya nutse zuwa inda allo ya fara canzawa, ka ɗauki matsakaicin goman.

A ce ka yi haka babu kati ka samu firem 22. Wannan kusan milisakan 92 ne, kuma kada ya tsorata ka, domin ya haɗa da lokacin hannun wasa da na wasan kansa, ba na talabijin kaɗai ba. Shi ne ma'auninka. Ka sa kati, ka maimaita a wuri ɗaya na wasa ɗaya, ka samu 41. Bambancin firem 19 ne, kusan milisakan 79. Hanyar zarcewa ba ta ƙara irin wannan adadi, amma ya yi daidai da abin da talabijin take ci idan ta fita daga yanayin wasa. Ka kunna `Game Mode`, ka sake ƙirgawa, ka samu 22 ko 23. Magana ta ƙare, katin ba shi da laifi, firem ɗaya na bambanci kuma kuskuren ƙirga ne. Idan kuwa ka samu wajen 26 kuma shafin bayanin PS5 ya nuna ka sauko daga 120 zuwa 60, ka san inda sauran suka tafi. Sai idan yanayin wasa yana kunne, saurin firem bai canza ba, amma adadin ya ƙi sauka, a nan ne za ka zargi katin da cewa yana sarrafa hoton kafin ya fitar da shi, abin da ake samu a wasu katuna marasa suna.

Mu koma reshen kwamfuta, inda bidiyonka yake tsalle. Farkon abin zargi USB ne, kuma lissafinsa a fili yake. Hoton 1080p yana da ɗigo 1920 sau 1080. A tsarin `YUY2` kowane ɗigo bayit biyu ne, sau firem 60, ya kama kusan megabayit 249 cikin daƙiƙa, wato wajen gigabit biyu. A tsarin `NV12` bayit ɗaya da rabi ne, kusan megabayit 187. USB 2.0 iyakarsa megabit 480, wato megabayit 60 a takarda, a aikace ma bai kai ba. USB 3.0 yana da gigabit 5. Ka ga ke nan babu yadda 1080p a firem 60 zai bi ta USB 2.0 ba tare da an matse shi ba. Idan ka sa katin USB 3.0 a kafar 2.0, ko ka haɗa shi da wayar cajin waya wadda bakinta ya dace amma cikinta na 2.0 ne, katin zai koma firem 30, ko ya sauka 720p, ko ya koma tsarin `MJPEG` mai dusashe hoto. Yi amfani da wayar da ta zo da shi, ka sa ta kai tsaye a jikin laftof, ba ta na'urar ƙara kafofi ba, musamman idan kyamara ko faifan ajiya suna kan na'urar, domin duk hanya ɗaya suke rabawa. Akwai kuma katuna masu shuɗin baki da aka rubuta musu USB 3.0 alhali cikinsu 2.0 ne. Za ka gane su a OBS: a 1080p ba sa ba ka komai sai `MJPEG`, ko su ba ka `YUY2` a firem biyar zuwa goma.

A OBS ka ƙara katin a matsayin `Video Capture Device`, kuma kada ka bar shi ya zaɓa wa kansa:

```
Resolution/FPS Type: Custom
Resolution: 1920x1080
FPS: 60
Video Format: NV12
Color Space: Rec. 709
Color Range: Limited
Buffering: Disable
```

`Buffering` shi ne yake sa OBS ta riƙe wasu firem don motsi ya yi santsi, kashe shi yana rage tazarar hoto. Idan ka kashe ka ga tsalle ya ƙaru, mayar da shi, tunda ba da wannan hoton kake wasa ba, santsin abin da aka naɗa ya fi saurinsa amfani. Batun `Color Range` kuma, abin nema shi ne ya dace da abin da katin yake bayarwa. Baƙi ya koma toka-toka, ko wurare masu duhu su dunƙule ba a ganin komai, alamar saɓani ce, sai ka juya shi. Akwai kuma wani ɗan tsalle da yake zuwa a kai a kai, kamar agogo. Na'urorin wasa galibi firem 59.94 suke fitarwa, ba 60 cif ba. Idan OBS tana naɗa a 60, duk bayan daƙiƙa 16 zuwa 17 za a samu giɓin firem ɗaya, sai ta maimaita hoto. Idan irin wannan kake gani, sa 59.94 a katin da kuma `Settings > Video`, su zama ɗaya.

Sauran tsallen daga laftof ɗin yake, kuma OBS tana faɗin gaskiya a kai. Buɗe `View > Stats` ka naɗi minti biyar na wuri mai motsi sosai. Layin `Frames missed due to rendering lag` yana hawa idan GPU, wato ɓangaren laftof mai sarrafa hoto, ta kasa jera hoton a kan lokaci, sai ka rage abubuwan da ka ɗora, ka rufe burauza, ka tabbatar laftof tana jone da caja, domin a batir tana rage ƙarfinta. Layin `Skipped frames due to encoding lag` yana hawa idan matse bidiyon ne ya gagara, wanda yawanci yana nufin ka bar aikin a kan `x264`, wato a wuyan CPU. Mayar da shi wurin na'urar matsewa ta cikin GPU: NVENC a Nvidia, AMF a AMD, QuickSync a Intel. Idan layukan biyu suna sifili amma bidiyo yana tsalle, firem ɗin tun a USB suka zube kafin su iso, koma kan waya da kafa. Naɗa a `mkv`, domin ko wuta ta ɗauke ko OBS ta rufe abin da aka naɗa yana nan, daga baya ka mayar da shi mp4 ta `File > Remux Recordings`. Ka tanadi wuri kuma: a megabit 40 cikin daƙiƙa, awa ɗaya gigabayit 18 ce.

Saura murya. Kana kallon talabijin, ka ga an ci ƙwallo, ka yi ihu. Makirfo ya kai ihun cikin OBS kusan nan take, hoton ƙwallon kuwa yana can yana bin doguwar hanyar USB. A abin da aka naɗa, ihunka ya riga ƙwallo shiga raga. Ba a iya sa hoton ya yi sauri, don haka muryar ake jinkirtawa. Hanyar samun adadin daidai ita ce ka raba sautin kati da na makirfo zuwa layi daban a `Advanced Audio Properties`, ka kunna layukan biyu a saitin naɗa, ka kai makirfo bakin lasifikar talabijin, ka yi harbi ɗaya mai ƙara a wasa. Buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran bidiyo ko sauti, za ka ga ƙarar ta bayyana sau biyu, ta makirfo a gaba, ta kati a baya. A ce tazararsu milisakan 65 ce. Rubuta 65 a `Sync Offset` na makirfo, ka sake gwadawa har tudun biyu su hau kan juna. Kyamara tana da nata jinkirin, wani lokacin ya yi kusa da na kati har ba ta buƙatar komai. Tafa hannu a gabanta ka duba, idan tana gaba ka sa mata `Render Delay`.

Bayan gwajin, kada ka bar lasifikar talabijin tana shiga makirfo, domin sautin wasa zai shiga sau biyu ya yi amsa-kuwwa. Amma iyafis yana da nasa tarkon. Da zarar ka soka shi a hannun PS5, na'urar tana mayar da sauti can, HDMI ya yi shiru, katin ya naɗi hoto babu sauti. Mafi sauƙi ka ɗauki sautin daga kafar iyafis ta talabijin ko ta katin idan yana da ita, ko ka sayi wayar da take raba sautin hannun wasa biyu, reshe ɗaya zuwa kunnenka, ɗaya zuwa kafar sauti ta kati. Kada ka saurari wasan ta OBS, domin sautin yana ɗauke da jinkirin doguwar hanya, kunnenka zai riƙa jin abin da idonka ya riga ya gani. A saitin sauti na PS5 kuma ka zaɓi `Linear PCM`. Yawancin katuna sauti mai hanya biyu suke ganewa, idan aka aiko musu Dolby ko DTS sai su naɗi shiru ko ƙara mai tsaga kunne.

HDR yana da irin wannan saɓani tsakanin rassan biyu. Talabijin ta nuna launi mai kyau, abin da aka naɗa kuwa ya fito a koɗe kamar an wanke shi, saboda an karanta hoton HDR kamar na yau da kullum. Wasu katuna suna gyara launin da kansu kafin su tura wa kwamfuta, kuma OBS ta fara karɓar HDR tun fitowa ta 28 a 2022, amma sai kati ya ba da tsarin `P010`. Idan naka ba ya ɗaya daga cikin biyun, kashe HDR a PS5 lokacin naɗa ya fi kokawa da launi daga baya.

Idan ya tabbata katin ne yake hana ka 4K a firem 120 ko VRR, kuma ba ka son rabuwa da su, hanya biyu ce. Ko kati mai HDMI 2.1 a ɓangaren zarcewa, wanda aka rubuta a bayaninsa cewa yana wuce VRR da ALLM, ko na'urar raba HDMI mai shiga ɗaya fita biyu a gaban katin da kake da shi. A nan ma EDID yana nan yana jira: na'urar rabawa ta gama-gari tana zaɓar abin da allon mafi rauni zai iya, sai ka koma gidan jiya. Wadda za ta yi maka aiki ita ce mai HDMI 2.1, mai maɓallin kwafar EDID na talabijin, wadda kuma take iya rage girman hoto a fita ta biyu zuwa 1080p. Yawancinsu girman hoto kawai suke ragewa, ba saurin firem ba, don haka katin zai karɓi 1080p a firem 120, kuma dole ya zama mai karɓar wannan a `HDMI IN`, ko da a 60 zai naɗa. Duba wannan layin a bayanin katinka kafin ka sayi na'urar rabawar.